Muryar Shagon Ɗinki

Ƙanwata tana da shagon ɗinki a Dogarawa, ni nake rubuta mata talla. Masu kawo mata ɗinki kashi biyu ne: ɗalibai daga Samaru da iyayen amare daga Sabon Gari. Muryar da za ta dace da iyaye muka zaɓa, domin su ke kawo ankon biki.

Ƙa'ida uku muka tsayar. Mai karatu "Hajiya" ce, shago yana cewa "mu", kuma kowace talla tana faɗin kwanakin da ɗinki zai ɗauka, tunda saɓa alkawari ake tsoro wurin tela.

Kafin a buga takardar talla, rufe sunan shagon, ka karanta ta tare da rubutun Facebook a bayyane. Idan ka ji bakin mutum biyu, sake rubutawa.