Kafin ka kwafe 33.3 da 4.1 ka zuba a furojet ɗinka

'Yan ajin ƙarshe, musamman na tattalin arziki da nazarin zamantakewa, wannan naku ne. A zangon nan kaɗai ɗalibai uku cikin 'yan ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa a nan Ibadan sun kawo min babi na huɗu in duba musu kafin su kai wa malami, kuma dukkansu a kan rashin aikin yi suke rubutu. Biyu daga ciki sun jera alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, shekara bayan shekara a layi ɗaya: kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai kashi 4.1 a farkon 2023. Ɗaya har ya rubuta cewa wannan na nuna manufofin gwamnati sun yi nasara. Na ce masa, ɗan'uwa, kai da ka je gida hutu, ka ga alamar haka a majalisar unguwarku? Ya yi dariya.

Duka alƙaluman biyu na NBS ne, babu na bogi a ciki. Matsalar ita ce ba abu ɗaya suke aunawa ba.

A tsohon tsari, wanda ya haifar da 33.3, ana duba masu shekara 15 zuwa 64. In ka yi aikin awa 40 ko fiye a mako, kana da cikakken aiki. In awa 20 zuwa 39 ne, kana da aiki amma bai ishe ka ba. In kuwa bai kai awa 20 ba, to sunanka marar aiki, daidai da wanda bai taɓuka komai ba. A sabon tsarin da aka fito da sakamakonsa a watan Agustan 2023, an koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: duk mai shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya ci riba, mai aiki ne. Ku ɗauki yaron da ya gama digiri, yana karɓar mashin ɗin yayansa ya yi acaɓa awa biyu kullum da yamma, Litinin zuwa Juma'a. Awa goma ke nan. A 2020 marar aiki ne, a 2023 mai aiki ne, alhali ko sisi bai ƙaru a aljihunsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rahoton 2020 ɗin da kansa ya ba ka damar gwada wannan, in dai ka buɗe teburan ba kanun labari kawai ka karanta ba. Masu aiki da masu nema gaba ɗaya kimanin miliyan 69.7 ne. A cikinsu miliyan 12.2 ba su yi aikin komai ba, miliyan 11 kuma sun yi awa 1 zuwa 19. Haɗa biyun ka raba da 69.7, ga 33.3 ɗinka. Yanzu cire masu 'yan awoyin nan, ka bar 12.2 kaɗai: kashi 17.5. Kun ga ke nan canjin awa shi kaɗai ya cinye kusan rabin lambar, ba tare da an ɗauki mutum ko ɗaya aiki ba.

To amma daga 17.5 zuwa 4.1 fa? A nan ne yawancin masu sharhi suke tsayawa, su ce ai maganar awa ɗaya ce, shi ke nan. Ba ita kaɗai ba ce. Na sa ɗalibin nan ya yi wani lissafin a gabana. A 2020 waɗanda suka kai shekarun aiki miliyan 122 ne, waɗanda suka yi aiki ko da na awa ɗaya kuma wajen miliyan 57.5, wato kashi 47 cikin ɗari. A farkon 2023 sabon binciken ya ce kashi 76.6 ne ke aiki. Babu ƙasar da cikin shekara biyu za ta tashi daga ƙasa da rabi zuwa sama da kashi uku cikin huɗu. In ka ga tsalle irin wannan, ma'aunin ne ya motsa. A ganina babban dalilin shi ne yadda ake tambayar. Ka tambayi matar da ke soya awara a cikin gida ko tana aiki, za ta ce maka a'a, ita matar aure ce. Ka tambaye ta ko a makon jiya ta sayar da wani abu, ko ta taya wani a sana'arsa, amsa ta canza. Sannan shekarun da ake ƙirgawa sun canza, kuma yanzu ana tattara bayanan ne a tsawon shekara, rani da damina.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa 4.1 ƙarya ce. Lamba ce da ke amsa ƙaramar tambaya: mutum nawa ne ba su yi aikin ko awa ɗaya ba, suna nema, kuma a shirye suke su fara. A ƙasar da ba a biyan marar aiki alawus, mutane kaɗan ne ke da halin zama haka, dole ka fita ka buga-buga. Rahoton da ya ce 4.1 shi ne kuma ya ce sama da kashi 90 na masu aikin a ayyukan da ba na hukuma ba suke. In tambayar furojet ɗinka talauci ce ko ingancin aiki, can ya kamata ka duba.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. Kafin 2015 ma'aunin awa 40 ne, shi ya sa za ka ga 23.9 a 2011 sannan 6.4 a ƙarshen 2014. Wato mai jera lambobi daga 2010 zuwa yau ya tsallaka ma'auni uku. Ga kuma ramuka: tsakanin rubu'i na uku na 2018 da rubu'i na biyu na 2020 ba a fitar da komai ba, haka ma 2021 gaba ɗaya.

Na ukun cikin ɗaliban ta guje wa wannan ta hanyar sauko da jerin Bankin Duniya, wanda ba shi da rami ko ɗaya. Kyansa a ido ne ya sa na ce ta karanta min sunan jerin. A jikinsa an rubuta modeled ILO estimate. Ma'ana a shekarun da ba a fita an tambayi kowa ba, lissafi ne ya cike gurbin, kuma cikin abubuwan da irin wannan lissafin ke dogaro da su har da bunƙasar tattalin arziki. Ita kuma takenta tasirin bunƙasar tattalin arziki ne a kan rashin aikin yi. Na ce mata, ƙanwata, wani ɓangare na amsar da za ki samo an riga an dafa shi a cikin lambobin. Tana iya amfani da jerin, amma sai ta faɗi haka ɓaro-ɓaro a babi na uku.

Wanda ya rubuta nasarar gwamnati kuwa, mun raba teburinsa gida biyu, tsohon tsari daga 2014 zuwa 2020, sabo daga ƙarshen 2022, da layi a tsakani da bayanin ma'anar kowanne a ƙasa. Lambobin sabon tsarin ba su da yawan da za a ɗora musu dogon lissafi a EViews, don haka ya tsayar da nazarinsa a 2020, ya gyara take. Shafi huɗu ya goge.