Shirun da Ke Danna Kunne

Maƙwabcina yana da janareto, kuma tagar ɗakin da nake duba takardun ɗalibai tana kallon inda yake ajiye shi. Da zarar an ɗauke wuta bayan magariba, sai gurnani ya cika ɗakin, irin wanda ake ji har a ƙirji. Na yi shekara biyu ina haƙuri, kafin ƙanena ya kawo mini tsarabar iyafis marar waya, ya ce yana kashe hayaniya. Na saka shi a kunne, na taɓa inda aka rubuta ANC a fuskar wayata, sai gurnanin ya janye kamar an ja janareton zuwa wata unguwa. Murnata ba ta kai minti biyar ba. Na fara jin kunnuwana sun yi dum, tamkar wani ya sa yatsa yana danna su daga ciki. Na haɗiyi yawu, na yi hamma, abin bai saki ba. Tsoro ya kama ni, domin mahaifina ya rasa jinsa a ƙarshen rayuwarsa, kuma na san yadda kurumta ke raba mutum da hirar gidansa. Na cire abin na jefa a aljihun tebur, na bar shi mako guda.

Tambayar da ta hana ni sakewa ita ce: shin wannan ɗan abu yana hura iska ne a kunnena, ko yana zuƙe ta? Amsar ba ta samuwa sai an fara sanin mene ne sauti.

Sauti motsin iska ne. Idan aka bugi ganga, fatarta tana tura iskar da ke gabanta, sannan ta ja baya ta sassauta ta, matsi da sassauci suna bin juna har su isa dodon kunne su girgiza shi. Amo mai kauri, irin na tambari ko na injin mota, yana yin wannan kai-komo a hankali. Amo siriri, irin na usur ko kukan jariri, yana yin sa da sauri ƙwarai. Ƙaramin janareto na gida yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, wato sau 50 a sakan, shi ya sa mafi yawan gurnaninsa yake can ƙasa, a tsakanin amo masu kauri.

Dabarar kashe hayaniya ta ginu ne a kan abu guda. Idan hayaniya ta tura iska gaba, sai lasifika ta ja ta baya daidai gwargwado, a daidai wannan lokaci. Idan hayaniyar ta ja, lasifikar ta tura. Ƙarfin biyu ya cinye juna, dodon kunne ya zauna kusan ba motsi. Tunanin ba sabo ba ne. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu rajistar mallakar wannan dabara a Amurka a 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin aiwatar da ita. Daga baya Amar Bose, malami a jami'ar MIT, ya ɗauki aikin bayan wata tafiya da ya yi a jirgin sama a 1978, inda ƙarar injin ta hana shi jin daɗin abin da yake saurare. Matuƙan jirgi ne suka fara cin moriyarsa kafin ya iso kasuwar kowa.

A cikin iyafis ɗin da ke hannuna, wanda bai fi ƙwarar gyaɗa biyu ba, akwai makirufo a waje da ke sauraron hayaniya kafin ta shiga kunne. A nau'o'i da yawa akwai makirufo na biyu a ciki, kusa da lasifika, wanda ke sauraron abin da ya rage bayan an yi yunƙurin kashewa, domin a gyara kuskure. Tsakaninsu akwai ɗan guntun lantarki mai lissafi, wanda aikinsa shi ne ya ƙera kishiyar hayaniyar ya miƙa wa lasifika. Duk wannan dole ya kammala kafin hayaniyar ta ratsa 'yar tazarar da ke tsakanin makirufon waje da ramin kunne, ga shi sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda.

A nan ne na gane dalilin da ya sa janareton ya ɓace amma muryar 'yata ba ta ɓace ba. Mu ɗauka cewa na'urar ta makara da kashi ɗaya cikin 10,000 na sakan. Gurnani mai kai-komo 100 a sakan yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 100 na sakan kafin ya kammala zagaye guda. Makarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na zagayen ba, don haka kishiyar ta faɗa kusan daidai inda ake so, gurnanin ya mutu. Yanzu mu ɗauki amo siriri mai kai-komo 5,000 a sakan. Zagayensa guda kashi biyu ne cikin 10,000 na sakan, wato makarar nan ta cinye rabin zagaye cur. Lokacin da lasifika ta zo ja, hayaniyar ma ta koma ja, sai a samu ƙari maimakon ragi. Saboda haka masu ƙera na'urar ba sa barin ta ta taɓa amo sirara. Ƙarfinta yana kan amo masu kauri, galibi ƙasa da kai-komo 1,000 a sakan. Sauran kuwa robar da ke toshe ramin kunne ce ke rage su, kamar yadda auduga za ta yi.

To, ina dannar ta fito? Na je wurin wani likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya leƙa kunnuwana da 'yar fitilarsa, ya ce dodon kunnena lafiya lau. Sannan ya tambaye ni: “Malam, ka taɓa bin hanyar Jos ta Akwanga?” Na ce sau da yawa. Ya ce: “Me kake ji a Hawan Kibo?” Na ce kunnuwana kan toshe, sai na haɗiyi yawu su buɗe.

Bayaninsa shi ne, bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, wanda wani siririn bututu ya haɗa da bayan hanci. Bututun a rufe yake yawancin lokaci, sai an yi hamma ko haɗiya yake buɗewa. Idan mota ta hau tudu, nauyin iskar waje ya ragu, ta ciki kuwa tana nan yadda take, sai dodon kunne ya kumbura ya ɗame. Fatar da ta ɗame ba ta amsa amo mai kauri sosai, don haka gurnanin injin motar yakan dushe a kunnen fasinja. Tun muna yara ƙwaƙwalwarmu ta haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri guda: duk lokacin da amo masu kauri suka ɓace farat ɗaya alhali sirara suna nan, to nauyin iska ya sauya. Iyafis mai kashe hayaniya yana kawo wannan yanayi sak. Ya share na ƙasa, ya bar na sama, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin da ta saba yankewa. Wannan shi ne bayanin da masana ji suka fi bayarwa, kuma mutane sun bambanta a kansa: wani bai taɓa ji ba, wani yakan ji har da ɗan jiri ko ciwon kai.

Alƙaluma ne suka ƙarasa kwantar mini da hankali. Ana auna nauyin iska da faskal. Iskar da muke zaune a cikinta, a daidai gaɓar teku, ta kai faskal 101,000 da 'yan kai. Hawan mita 100 kacal yana rage kusan faskal 1,200. Sauti mai ƙarfin desibel 94 kuwa, wanda ya isa ya sa mutum ɗaga murya kafin a ji shi, faskal ɗaya ne tak. Gurnanin da ke shigowa ɗakina bai kai haka ba, kuma kishiyar da lasifika ke fitarwa daidai take da shi a girma. Ita ma ba turi ba ce mai tsayawa wuri ɗaya, kai-komo ce. Hawa bene ɗaya ya fi ta sauya nauyin iskar da ke kan dodon kunnena sau da yawa, kuma ban taɓa jin tsoron bene ba.

Sai dai akwai danna ta gaskiya da bai kamata a rikita ta da wannan ba. Idan aka cusa roba mai kama ramin kunne gam, iskar da ke ciki takan matse kamar yadda murfi ke matse iskar kwalba. Shi ya sa iyafis da yawa suke da 'yar ƙofar iska ƙarama, wadda datti ko daudar kunne kan toshe. Robar da ta yi wa kunne girma kuma takan sa fatar ramin ta yi tsami.

Bambance su ba shi da wuya, kuma na gwada a daren da na dawo. Na bar iyafis ɗin a kunne, janareto yana aiki, na kashe ANC ba tare da na taɓa robar ba. Nan take gurnani ya dawo, dannar kuma ta tafi. Na sake kunnawa, ta dawo. Robar ba ta motsa ba, iskar ciki ba ta sauya ba, abin da ya sauya shi ne abin da nake ji kawai. Da dannar ta ci gaba bayan na kashe, da laifin robar ne, sai in sauya ta da ƙarama in share ƙofar iskar. Haka kuma na fahimci dalilin da ya sa hammata ta farko ba ta yi amfani ba: babu wani bambancin iska da bututun zai daidaita. Likitan ya ja mini kunne a kan mataki na uku. Idan an cire iyafis ɗin gaba ɗaya amma ciwo, ko toshewa, ko jiri, ko ƙara a cikin kunne suka ƙi tafiya, ko kuma ruwa yana fita, to a daina zargin na'ura, a je asibiti.

Yanzu ina amfani da shi da dabara. Manhajarsa tana ba da damar rage ƙarfin kashewar, na sa shi a tsakiya, inda ɗan gurnani kaɗan ke saura, kuma wannan saura ta isa ta hana kunnena yin dum. Nakan kunna sauti marar ƙarfi maimakon in zauna cikin shirun zalla, domin a shirun ne dannar ta fi fitowa. Na fara da minti ashirin, na riƙa ƙarawa, har jikina ya saba. Ribar da ban zata ba ita ce na daina ƙure sauti don in rinjayi janareto, wanda shi ne ainihin abin da ke cin ji sannu a hankali. Ba na kuma saka shi idan zan tsallaka titi, domin amon injin babbar mota yana cikin waɗanda ya fi iya sharewa.

Jiya da dare an ɗauke wuta, maƙwabcina ya tayar da injinsa, na saka iyafis na buɗe takardun ɗalibai. Ban yi nisa ba na ji siririyar muryar 'yata daga tsakar gida tana cewa, “Baba, tuwo zai huce.” Na ji ta sarai, na ajiye biro na fita.