Kuɗin Da Ba Ya Zuwa Kasuwa

A gidajenmu na Gwandu da Kalgo, in an kawo amfanin gona gida, kashi uku ake yi masa: cimaka, iri, sai abin da ya ragu. Na ukun nan kaɗai ke ganin kasuwa. Ko buhu ya kai nawa, magidanci ba ya sayar da irinsa. Yanzu da dukiyarmu ta koma cikin waya, rabon nan ya ɓace, domin a allon waya kuɗin magani da na jari lamba ɗaya ce.

Kasuwar da muka fi sani ita ce ajiyar hatsi: a saya da kaka, a sayar da bazara ko tsakiyar damina. A 2023 da 2024 duk wanda ya ajiye ya ci riba, har malaman makaranta da matan aure suka shiga. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025, farashin da muka saba ganin yana hawa bayan kaka sai ya yi ƙasa.

A ce maƙwabta biyu kowanne ya sayi buhu 10 na masara a kan naira 60,000, buhu ya dawo 40,000. A takarda asararsu ɗaya. Sai matar na farko ta zo haihuwa, aka ce sai an yi aiki, ana neman 200,000 kafin gari ya waye. Dole ya fitar da buhu biyar da ya saya 300,000, dubu ɗari ta tafi ke nan. Na biyu yana da ajiya a gefe, in irin wannan ta same shi zai biya bai taɓa ko tiya ba. Wataƙila shi ma ya yi asara daga baya, amma shi zai zaɓi ranar sayarwa. Abin da kuɗin ko-ta-kwana ke saya wa mutum ke nan.

Shi ya sa muke tambayar kowane kuɗi abu biyu: yana da rana? Yana da mai shi? Kuɗin makarantar da za a biya a watan Satumba, kuɗin haya, kuɗin taki da man injin ban-ruwa na noman rani, duk suna da rana, kasuwa kuwa ba ta san ranar kowa ba. Kuɗin marayu, zubin adashen da ke hannun uwar adashe, da bashin da muka ciyo, duk suna da masu su. Wanda ya amsa e ga ɗaya daga cikin tambayoyin nan, zamansa gida.

Bayan su sai ajiyar ko-ta-kwana, kuma ita ake fara ginawa kafin a sayi buhun farko. Lissafinta daga abin da gida ke ci ne a wata: abinci, magani, wuta, kuɗin mota. In 120,000 ne, wata uku 360,000 ke nan. Mai albashi zai iya tsayawa nan. Manomin da kuɗi ke shigo masa sau biyu a shekara, gara ya nufi wata shida. Wanda ke cire 20,000 duk wata, shekara ɗaya da rabi zai kai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yawanmu kan ce tunkiya ce asusunmu. Tana maganin matsalar gida ɗaya, amma ba ta gari duka ba. Lokacin ambaliyar 2020, da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, masu buƙata sun yi yawa a lokaci guda, kuma in kowa ya ja dabbarsa zuwa kara rana ɗaya, mai saye ne ke yanka farashi. Adashe ma haka, kwasarka tana da rana, ciwo ba shi da ita.

Mukan raba ajiyar gida biyu. Kuɗin mako biyu a hannu, domin ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. Sauran a wani asusu dabam a banki mai lasisi, wanda ba da katinsa muke zuwa kasuwa ba. Tun 2024 hukumar NDIC ke lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci.

Gaskiya ne, kuɗin da ke kwance yana ramewa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Wannan ramar ita ce ladan mai gadi, kuma ta fi sayarwar dole sauƙi. Abin yi shi ne duk kaka a sake lissafin cin gida na wata, a cike giɓin, in an taɓa ajiyar a mayar kafin a koma saye. Abin da ya ragu bayan nan, shi ne na kasuwa.