Man da muka ji tsoro da wanda muka shafa



A hunturun bara kumatun ɗan yayarmu suka bushe, suka yi kaushi, yana da wata biyar. Da dare sai ya yi ta goga fuska a katifa har ta tsage. A gida, nan Kurgu, muka ce kirci ne. Wata maƙwabciya ta kawo mana mai daga kasuwar Lolo, irin mai haɗin magani uku, ya kuwa lafa cikin kwana biyu. Da muka daina sai ya dawo, har ya fi da.

A asibiti a Bagudo ma'aikaciyar jinya ta karanta kwalin, ta ce akwai kulobetasol a ciki, sitiroyid mai ƙarfin gaske wanda ba a shafa wa jariri a fuska. Ta ce ekzima ce ke damunsa, ta rubuta mana haidurokotizon mai kashi 1 cikin 100. Da muka ji shi ma sitiroyid ne, sai muka ajiye shi mako guda ba mu taɓa ba, yaro na ta kuka. Wautarmu ke nan, don sunan dangi kawai suka haɗa. Mai ƙarfin, in an daɗe ana shafawa, yana sirantar da fata. Mai sauƙin, a wurin ciwon kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana na kamar kwana bakwai, da wuya ya yi hakan.

Da muka koma ta nuna mana awo: a matso man daga kan yatsan manuniya zuwa gaɓar farko, wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. Kumatunsa ko rabi ba su ci ba.

Babban aikin ma na man shafawa ne. Fatar mai ekzima ba ta riƙe danshi, iskar hunturu kuwa ba ta da tausayi. Muka bar ruwa mai zafi da soso da sabulu mai ƙamshi. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi, a tsane jiki, a shafa basilin marar turare nan take, a ƙara sau biyu kafin dare, ko da fata ta yi kyau. Tsakanin basilin da magani muna barin kamar rabin awa.

Bayan ya warke wurin ya yi fari-fari, kakarsa ta ce: "Kun gani, man ya ɓata mini miji!" Ciwon ne ya bar tabon a baƙar fata, kuma launin ya dawo a hankali cikin watanni.

In wurin ya fara ruwa, ko ɓawo rawaya, ko ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar. In kuma duk gida ake susa da dare, a duba ƙazuwa, don wannan man ba ya kashe ta.