Ƙugiya a sunan folda

A zamanin Windows XP ina buga littattafan Hausa a wani shagon kwamfuta a Kano. Cikin takarda muna da font na Hausa, amma shi sauya wa wasu alamomi kama kawai yake yi, don haka ba ya aiki a sunan folda. Da muka samu allon rubutu na Unicode, murna ta kama ni, na bi foldojina ina sa musu sunansu na gaskiya: Ƙasidu, Waƙoƙi, Ɗalibai. Kwamfutar ba ta yi gardama ba, domin NTFS da Unicode yake adana suna.

Sai an tashi kai aikin wani wuri ake jin jiki, musamman in an ɗaure shi a ZIP. Tsohon tsarin ZIP ya ɗauka duk suna da CP437 aka rubuta shi, jadawali mai gurbi 256 wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Sai a 2006 aka ƙara alamar da ke nuna cewa suna da UTF-8 yake, kuma manhajoji sun daɗe ba su kula da ita ba.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma da ido ake rarrabe su. Wani abokin aiki mai Linux ya taɓa aiko mini folda mai suna ƙasa, na buɗe na ga `╞Öasa`. A UTF-8 lamba biyu ce ke ɗauke da ƙ, wato `C6` da `99`, sai kwamfutata ta karanta kowace a matsayin harafi daban. Da Windows-1252 ta karanta, `Æ™asa` zan gani. Wannan munin gani ne kawai, lambobin suna nan daram. A yau layi ɗaya na Python ya isa ya dawo da sunan:

```
"╞Öasa".encode("cp437").decode("utf-8")
```

Ta biyun ita ce ke ci mini rai har yanzu. In manhajar da ta ɗaure fayil ba ta san Unicode ba, tun a wajen ɗaurin take jefar da harafin ta sa `?`, kuma tunda Windows ba ya yarda da `?` a suna, sai ya koma `_`. Nan babu abin da za a dawo da shi. Ƙari da ɗari da ɓari duk `_ari` suke zama, kuma in biyu suka haɗu wuri ɗaya, manhajar sai ta nemi ɗora wani kan wani.

Mai shagonmu ya ce, "Malam, a daina sa ƙugiya a suna, a bar ta cikin takarda." Na bi, amma ban yarda laifin ƙugiyar ba ne. Da 7-Zip ya shigo hannuna na koma ɗaure aiki a `.7z`, wanda ke adana suna da Unicode, na mayar wa Waƙoƙi ƙugiyoyinta.