Laftof ta rubuta "No bootable device"? Kar ka yi saurin sayen diski

Jama'a, wannan saƙon ba lallai diski ne ya mutu ba. Kunna laftof ɗin, ka riƙa danna F2, ko F10 in HP ce, har BIOS ya buɗe. Duba ko sunan diskin ya fito.

In ya fito, galibi saiti ne. Windows ɗin da aka ɗora a UEFI ba zai tashi a Legacy ba, kuma batirin CMOS in ya mutu yakan sa saitin ya sauya da kansa. Za ka gane haka in kwanan wata ya koma baya.

In bai fito ba, a cire diskin a sake zaunar da shi. Amma in kana jin yana ƙas-ƙas, kashe ta kawai. Ni dai ba na yarda a yi ta kunnawa, fayilolinka ake ƙara lalatawa.