Tsofaffin tambayoyin WAEC ba na hadda ba ne

Bitar lissafi da tsofaffin tambayoyin WAEC tana amfani ne idan ɗalibi ya warware su da hannunsa, shafin amsoshi a rufe. Abin da ke damun malaman sakandare a Agege duk shekara, da zarar watan Mayu ya ƙarato, shi ne ganin yara suna bin littafin da ido, yatsa ɗaya a kan tambaya, ɗaya a kan amsa, suna gyaɗa kai wai sun gane. Ba su gane ba, sun dai gani.

Jarabawar kashi biyu ce. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin minti 90, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Ta biyu tambayoyi 13 ne, ana amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko kuma dole ne. Kowace tambaya ke nan tana da minti 15. Saboda haka ɗalibi ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗauki tambaya ɗaya, idan minti 15 sun cika ya ajiye biro ko bai gama ba. Sai a sannan zai buɗe amsa.

A takarda ta biyun nan ne mai hadda ke faɗuwa, domin masu duba takardu suna ba da maki ga hanyar da aka bi, ba ga amsar ƙarshe kaɗai ba. A ce an ba da 2x + y = 7 da x − y = 2. Wanda ya haɗa layukan biyu ya samu 3x = 9, ya fitar da x = 3, ya mayar da shi layi na biyu ya samu y = 1, ya nuna aikinsa mataki-mataki. Ko da ya yi kuskure a ƙarshe, makin hanya nasa ne. Wanda ya rubuta amsa tsurarta ya zubar da wannan makin, kuma ranar da aka canza 7 zuwa 10 ba shi da abin rubutawa.

Idan amsa ta saɓa, kada a goge. A nemo layin da kuskuren ya shigo, a kewaye shi, a sake tambayar bayan kwana biyu ba tare da leƙe ba. Sau da yawa alamar ragi ce ta ɓace a hanya.

Za a ce yaran unguwa ba su da lokaci: ga Islamiyya da yamma, ga taya iyaye kasuwa ko aiki a mayankar Oko-Oba, ga wuta ba tabbas. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke raina wannan wahalar. Amma tambaya biyu bayan sallar Asuba minti 30 ne, kuma ƙarancin lokacin shi ne babban dalilin da zai hana a ɓata shi wajen kallon amsoshi. Iyaye ma suna iya taimakawa ko ba su san lissafi ba: su riƙe shafin amsa da agogo har yaro ya gama.